Kibiyar saukar mataki: inda ake sa ta da inda ba a sa ta

*"Malam, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan karin sautin Hausarmu ta Damagaram, na ɗauki muryar mutum huɗu. Ina jin karin sama yana ta sauka a cikin jimla, har na ƙarshe ya kusa zama na ƙasa, shi ya sa nake sa kibiyar ꜜ duk inda ya sauka. Mai duba aikina ya ce in cire su duka. Sandi ne wannan ko saukar mataki, kuma yaya ake rubuta kowanne?"*

Ƴata, kunnenki bai yi miki ƙarya ba, kuma mai duba aikinki yana da gaskiya. Akwai abu uku da ke sa tsayin murya ya canza a cikin jimla, kuma kowanne da matsayinsa a rubutu. Na farko, kari ya bar jinsinsa ya koma wani jinsi saboda maƙwabcinsa, wannan shi ne sandi. Na biyu, karin sama ya rage tsayi don karin ƙasa da kowa ke ji ya gabace shi, wannan zan kira shi gangara. Na uku, karin sama ya rage tsayi alhali babu karin ƙasa a fili da za a ɗora wa laifin, wannan shi ne saukar mataki, kuma shi kaɗai ya cancanci kibiya. Idan za ki nemi rubuce-rubuce a intanet, gangara ita ce `downdrift`, saukar mataki `downstep`, a Faransanci kuma za ki ga `faille tonale`. Zan riƙa sa S a madadin karin sama, Ƙ a madadin na ƙasa. A littattafan Ingilishi H da L za ki gani, a na Faransanci H da B.

## Jimla ɗaya, a bi ta gaɓa-gaɓa

Mu ɗauki *Áudù yáa sàyí móotàa*. Gaɓa bakwai ce, tsarinta S Ƙ S Ƙ S S Ƙ. Faɗe ta a hankali, sannan ki rufe baki ki yi ta da gunji kawai, ba kalmomi. Za ki ji *Áu* ta fi kowa tsayi, *yáa* ta biyo ƙasa da ita, *yí* da *móo* kuma sun sauka ƙasa da *yáa* amma su biyun kansu ɗaya. A ce namiji ne ya faɗa, don misali kawai, muryarsa ta fara a 150 Hz a kan *Áu*, ta faɗi 115 a kan *dù*, ta hau 135 a kan *yáa*, ta faɗi 105 a kan *sà*, ta hau 122 a kan *yí móo*. Kin ga karin sama na ƙarshe ya kusa haɗuwa da karin ƙasa na farko. Wannan shi ne abin da kika ji.

To, tambayar da za ki yi wa kowace sauka ita ce: da an ba ni jerin S da Ƙ kaɗai, ba a ba ni muryar ba, zan iya faɗin inda za a sauka? A nan amsar e ce. Duk inda Ƙ ya shiga tsakanin S biyu, na biyun zai sauka. Inda babu Ƙ, kamar tsakanin *yí* da *móo*, babu sauka. Abin da doka guda ke iya hasashensa ba a rubuta shi a kan kowace gaɓa. Ana faɗin dokar sau ɗaya a babin bayani, a wuce. Kibiyoyin da kika sa ba su ƙara wa mai karatu komai a kan abin da alamar karin ƙasa ta riga ta gaya masa ba. Sun ma yi ɓarna, domin masanin da ya buɗe kundinki ya ga *yáa* da kibiya a gabanta zai ɗauka kina da'awar cewa Hausar Damagaram tana bambanta S da ꜜS, kamar yadda take bambanta *wúyàa* ta jiki da *wùyáa* ta wahala. Wannan babbar da'awa ce, kuma ba ita kike nufi ba.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da za su kwantar miki da hankali. Sa masu maganarki su faɗi *Múusáa yáa zóo gídáa*, wadda babu Ƙ ko ɗaya a cikinta. Muryar za ta ɗan sunkuya a hankali daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda take yi a kusan kowane harshe, amma ba za ki ji matakala ba. Sannan ki sa su mayar da jimlar Audu tambaya, irin wadda ake amsawa da e ko a'a. Gangarar za ta ragu ƙwarai, karin sama na ƙarshe kuma ya ɗaga. Abin da ke raguwa don an mayar da magana tambaya, na rausayar murya ne, ba na kalma ba.

## Abin da ke faruwa idan gaɓa ta faɗi

Yanzu ga wurin da na fi so in tsaya, don a nan ne za ki ga ainihin bambancin. A maganar yau da kullum mukan taƙaita *sàyí* ta koma gaɓa ɗaya: *ya sai mota*. Wasalin ƙarshe ya tafi, sai karin Ƙ da S suka taru a kan gaɓa guda. Da Hausa tana yarda da kari mai tashi, da mun ce *sǎi*. Ba ta yarda, sai ta sauƙaƙa shi ya zama S: *Áudù yáa sái móotàa*. Haka *ɗàukí* ke komawa *ɗáu* a *ya ɗau kaya*. Saurari *yáa sái móo* da kyau. Gaɓa uku ne a kan layi ɗaya. Karin ƙasan ya tafi, kuma saukar da yake jawowa ta tafi tare da shi. Bai bar gado ba.

Kwatanta da Tuwi, harshen Akan na Gana, inda misalin nan ya daɗe yana yawo a littattafan fannin. Dutse shi ne *ɔ̀bó*, Ƙ S. "Nawa" kuma *mé*, S. Idan aka haɗa su don a ce "dutsena", wasalin *ɔ̀* yakan faɗi. Da Tuwi ta yi irin ta Hausa, da an sami S S a kan layi ɗaya. Amma abin da ake ji shi ne *mé ꜜbó*: gaɓa ta biyu karin sama ce, sai dai ta sauka daidai yadda za ta sauka da *ɔ̀* tana nan. Wasalin ya tafi, karinsa bai tafi ba. Ya zauna ba tare da gaɓar da zai hau ba, ba a furta shi, amma yana aikinsa. Shi ake kira kari mai shawagi. Tun da John Goldsmith ya fito da tsarin ajiye kari a layinsa daban da na baƙaƙe da wasula a 1976, haka ake zana shi:

```
me        bo
|         |
S   (Ƙ)   S      →   [mé ꜜbó]
```

A nan dole ne kibiya ta fito, domin wanda ya ga *mé bó* a rubuce ba shi da hanyar sanin akwai sauka. J. M. Stewart, wanda ya yi aiki a kan Akan, shi ya raba abin gida biyu a 1965: sauka mai zuwa da kanta, wato gangara irin tamu, da sauka wadda ba ta zuwa da kanta, wato irin ta *mé ꜜbó*. Hausa tana da ta farko. Kibiya ta biyun ce.

Kada ki ɗauka Hausa ba ta da kari mai shawagi. Tana da shi, sai dai yadda take yi da shi daban ne. Dubi *gídán Áudù* da *gídân da na saya*. Harafi ɗaya ne a rubutun yau da kullum, amma *-n* ta biyu, ta madanganci, tana tafe da Ƙ a bayanta. Da ta manne wa *gídáa*, sai Ƙ ɗin ya hau gaɓar ƙarshe ya haɗu da S, aka sami faɗau, wato kari mai faɗowa daga sama zuwa ƙasa. Haka *rìigáa* ke zama *rìigâr*, haka kuma ɗafin *-wáa* ke mayar da *dáawóo* ta zama *dáawôowáa*. Wato a Hausa kari mai shawagi ko dai ya sami gaɓa ya sauka a kanta a ji shi, ko a shafe shi. Ba ya tsayawa a tsakani yana danne na gaba a ɓoye. Idan kin fahimci wannan, kin fahimci dalilin da ya sa kundinki ba ya bukatar kibiya.

## Sandi

Kalmar daga Sanskirit take, ma'anarta haɗuwa. A sandi ba tsayin kari ne ke raguwa ba, karin ne kansa ke zama wani. Misalin da ya fi shahara na Sinancin Mandarin ne: idan kari na uku ya haɗu da wani na uku, na farkon yakan koma na biyu. Gaisuwarsu a rubuce *nǐ hǎo* ce, a baki *ní hǎo*. Har ta kai *mǎi mǎ*, sayen doki, da *mái mǎ*, binne doki, suna fita iri ɗaya a kunne. Wannan ita ce babbar alamar sandi: abin da ya fito ya faɗa cikin wani jinsin da harshen ya riga ya mallaka. Karin saman da ya gangara kuwa bai zama na ƙasa ba, komai saukarsa, domin har yanzu ya fi na ƙasan da ke kusa da shi tsayi.

Hausa ba ta da yawan sandi tsakanin kalma da kalma. Abin da ya fi kusa shi ne dirka, wato *ne* da *ce*, wadda ke ɗaukar kishiyar karin da ya gabace ta: *gídáa nèe*, amma *móotàa cée*. Wasu ba sa ma kiran wannan sandi, suna ba shi suna nasa na kari mai saɓawa. Ni ban damu da sunan ba muddin kin bayyana dokar. Abin da ya fi amfani shi ne dirka ma'auni ce a hannunki. Duk kalmar da kika yi shakkar karinta na ƙarshe, sa mata *ne* ko *ce* ki saurara. *Kúukáa nèe* na hawaye, *kúukàa cée* ta miya. Kuma *râi née* yana nuna miki faɗau ba kari na uku ba ne mai zaman kansa, S ne da Ƙ a gaɓa ɗaya, tunda dirka ta ɗauke shi a matsayin mai ƙarewa da Ƙ.

Wani lokaci sandi da saukar mataki sukan haɗu a wuri guda. A Ibo, kai shi ne *ísí*, akuya *éwú*, kowanne S S. Kan akuya kuwa *ísí éꜜwú* ne. Haɗa sunayen biyu ne ya canza karin na biyun, kuma abin da canjin ya haifar saukar mataki ce. Saboda haka kada ki ɗauki kalmomin biyu a matsayin kishiyoyi. Ɗaya sunan aiki ne da ke faruwa a mahaɗa, ɗaya sunan abin da ake ji.

## Yadda za ki rubuta

Ki ware layi uku, kada ki gauraya su. Layin farko ƙirar ɓoye, tsakanin sanduna biyu masu karkata, inda kowace ƙwayar ma'ana ke ɗauke da karinta na asali, har da mai shawagi. Layi na biyu ƙirar sarari, bayan dokoki sun yi aiki, cikin baka mai kusurwa. A nan ake nuna sakamakon sandi, a nan kuma kibiya ke fitowa idan harshen yana da ita, kuma ana sa ta a gaban gaɓar da ta sauka, ba a bayanta ba. Layi na uku na awo ne, lambobi ko zanen layin murya, kuma nan ne kaɗai gangara ke da wurin zama.

```
/áudù yáa sàyí móotàa/
 shafe wasali:   sǎi
 ƘS → S:         sái
[áudù yáa sái móotàa]
```

Alamomin ƙasa da ƙasa su ne á na sama, à na ƙasa, â faɗau, ǎ mai tashi, ā na tsakiya. A tsofaffin ayyukan harsunan Afirka za ki ga alamar motsin rai a ɗage a madadin kibiya, *mé !bó*, ma'anarsu ɗaya. Amma ga tarkon da ke kama ɗalibanmu kusan kowace shekara. A yawancin ƙamusoshi da nahawun Hausa ba a sa wa karin sama alama, layin da ke kan wasali kuma tsawo yake nunawa. A tsarin ƙasa da ƙasa layin nan kari na tsakiya ne. A ayyukan Ibo da dama kuwa shi ne alamar saukar mataki. A Yarabanci gaɓar da ba ta da alama ita ce ta tsakiya. Alama ɗaya, ma'ana uku. Idan kin kwaso misali daga wani littafi, ki karanta shafin da marubucin ya bayyana alamominsa, ki mayar da misalin zuwa naki tsarin, ki kuma faɗa cewa kin mayar. Shawarata ki ninka wasali don tsawo, ki sa wa kowace gaɓa alamarta, kamar yadda na yi a nan. Ya fi cin lokaci, amma ba ya barin shakka.

Wajen bugawa, lambar kibiyar `U+A71C` ce, ba kibiyar lissafi ba ce. Yawancin zubin haruffan da ke zuwa da na'ura ba su da ita, sai ki ga ɗan akwati a takarda bayan kin kai wa masu buga kundi. Sa `Charis SIL` ko `Doulos SIL`, kuma ki mayar da aikin PDF kafin ki fita da shi daga na'urarki. Mai aiki da LaTeX kuma `\textdownstep` zai rubuta a cikin `tipa`.

## In kin ci karo da sauka wadda ba ki ga dalilinta ba

Mai yiwuwa ne, musamman idan kin faɗaɗa aikin zuwa wani harshe mai kari na maƙwabta, kamar Barbarci ko Tubanci. Kafin ki sa kibiya, ki fara kawar da zargin kari na tsakiya, don a gaɓa biyu kaɗai S ꜜS da sama-tsakiya iri ɗaya suke a kunne. Ƙara gaɓa ta uku mai karin sama. Idan ta koma tsayin ta farko, ta tsakiyar kari ne mai zaman kansa. Idan ta tsaya daidai da ta biyu, rufin ne ya sauko gaba ɗaya, saukar mataki ce. Sannan ki gwada gaɓar a farkon magana. Kari na tsakiya yana iya buɗe jimla a gane shi, saukar mataki kuwa sai da wani S a gabanta da za a auna ta da shi. Kuma tana iya maimaituwa sau uku, sau huɗu a jimla guda, kowacce ƙasa da ta baya, shi ya sa ma'aunin lamba 1 zuwa 5 da ake yi wa Sinanci ba ya ɗaukar irin waɗannan harsuna.

Ko kin tabbatar saukar mataki ce, kada ki yi gaggawar zana Ƙ mai shawagi. A Tuwi muna da shaida, mun ga *ɔ̀bó* da wasalinta kafin ya faɗi. A Shambala ta Tanzaniya kuwa, David Odden ya nuna cewa S biyu na kalmomi daban in sun haɗu sauka takan shiga tsakaninsu ba tare da wani Ƙ da ya ɓace ba. Idan ba ki iya nuna inda Ƙ ɗin ya fito, a wata siga ta kalmar ko a wani karin harshe, ki rubuta kibiyar a ƙirar sarari ki tsaya nan.

Sai maganar awo, wadda na sha wuya a kanta. A farkon aikina na zauna da wani dattijo a wani zaure a Birni, na ba shi jerin kalmomi ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Da na koma gida na tarar kalmar ƙarshe ta kowane shafi ta faɗi ƙasa, ta farko kuma ta ɗaga. Na yi kwanaki ina neman doka, ashe rausayar karanta jeri ce na ɗauka. Tun daga ranar ban sake ɗaukar kalma tsirara ba. Ina sa ta cikin jimla ɗaya da ba ta canzawa, mai karin sama kafin gurbin da bayansa, irin *Múusáa yáa gá … jíyà*, sau uku kowace kalma, ina kuma gauraya jerin. Ki kashe fanka ko da zafin Afrilu ne, ki nisanci bakin titi saboda ƴan kabu-kabu, don ƙugin inji yakan faɗa daidai inda muryar namiji take.

A manhajar awon murya ta `Praat`, ki daidaita `Pitch range` da mai magana, wajen 75 zuwa 300 ga namiji, 100 zuwa 500 ga mace. Idan kin ga layin ya yi tsalle ya ninka ko ya rabe biyu a gaɓa ɗaya, kuskuren na'ura ne, ba na harshe ba. Ki auna a tsakiyar wasali, domin baƙi marar ziza kamar *t* ko *k* yakan ɗaga farkon wasalin da ke binsa, mai ziza kamar *b* ko *d* ya danne shi. Kuma tunda masu maganarki huɗu ne, wataƙila maza da mata, kada ki kwatanta su da Hz kai tsaye. Mayar da kowace sauka zuwa samiton, inda f1 tsayin da aka sauko daga gare shi ne, f2 kuma wanda aka sauka a kai:

```
12 × log2(f1 / f2)
```

Namijin da ya sauka daga 150 zuwa 135 ya sauka 15, macen da ta sauka daga 250 zuwa 225 ta sauka 25, amma dukansu samiton 1.8 ne, sauka ɗaya suka yi.

Na'ura tsayi kawai take aunawa, ba ta san S ba, ba ta san Ƙ ba. Wannan hukunci naki ne da na masu harshen. Idan kun yi saɓani da layin da ke kan allo, sa mai maganar ya yi jimlar da fito, ko ki sami makaɗin kalangu ya buga miki ita, za ki ji tsarin tsirara ba baƙi ba wasali. Ni ban saurari faifanki ba, saboda haka ba zan rantse cewa babu wani abu na musamman a bakin mutanenki huɗu ba. Ki cire kibiyoyin duka, ki sa S da Ƙ a ƙarƙashin kowace gaɓa, sannan ki bi saukar ɗaya bayan ɗaya ki ja layi a ƙarƙashin duk wadda babu Ƙ ko faɗau a gabanta. Waɗanda suka rage, in akwai, ki sake ɗaukarsu a hankali da kuma da sauri daga bakin mutum huɗun, ki kai wa mai duba aikinki su kaɗai.